Yadda ake rubuta wa iyalan majinyaci wasiƙa idan an yi kuskuren ba da magani

Wasiƙar sanar da kuskuren magani ba ita ce ke fara kai labari ba. Iyalan majinyaci suna fara jin abin da ya faru ne daga bakin likitan da ke kula da mara lafiyarsu, a zaune, ido da ido, a ranar da aka gano kuskuren. Wasiƙa tana biyo baya cikin kwana biyu ko uku domin ta tabbatar da abin da aka faɗa. Mutumin da aka gaya wa an yi wa ɗansa allura fiye da ƙima ba ya riƙe rabin bayanin da ya biyo bayan wannan jimla, don haka yana buƙatar takardar da zai koma gida ya karanta a natse, ya nuna wa yayansa ko wani likitan. A Ingila tun 2014 doka ta wajabta wa asibitocin gwamnati wannan tsari na magana da baki sannan a biyo da rubutu. A Najeriya kuwa, sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ba majinyaci haƙƙin sanin halin da lafiyarsa ke ciki, kuma a yi masa bayani da harshen da yake ji.

Za mu bi aikin ta hanyar misali guda. Yarinya ce 'yar wata goma, nauyinta kilo 8, aka kwantar da ita ranar Litinin da yamma da ciwon huhu mai tsanani. Likita ya rubuta mata amfisilin duk bayan awa shida, da jentamaisin miligiram 7.5 a kowane kilo sau ɗaya a rana, wato miligiram 60. Da aka zo kwafe umarnin daga fayil zuwa takardar ba da magani ta ɗakin yara, sai aka rubuta jentamaisin ɗin duk bayan awa takwas. Wannan kuskure yana da tushe: a tsohon tsari ana raba jentamaisin kashi uku a rana, amma kowane kashi ƙarami ne, miligiram 2.5 a kilo. Nan sai aka haɗa babban adadin sabon tsari da yawan lokutan tsohon tsari. Ba a gano ba sai ranar Laraba da rana, lokacin zagayen likitoci.

Kafin a taɓa alƙalami

Abu na farko shi ne majinyaci, ba takarda ba. A dakatar da maganin, a ɗebi jini don duba aikin ƙoda, a fara auna fitsari, a canza maganin da zai ci gaba da yaƙar ciwon huhun. Wasiƙar da aka rubuta kafin a yi waɗannan ba ta da abin da za ta faɗa a sashen matakai.

Daga nan sai a zauna da takardu uku: fayil ɗin majinyaci, takardar ba da magani mai sa hannun nas-nas, da rajistar ɗakin magani. A fitar da lissafi allura bayan allura. A misalinmu an yi ta ƙarfe shida na yammacin Litinin, sai ƙarfe biyu na dare, ƙarfe goma na safe da ƙarfe shida na yammacin Talata, sai ƙarfe biyu na dare da ƙarfe goma na safiyar Laraba. Allura shida ke nan, miligiram 360. Abin da ya kamata ta samu a wannan tsakanin allura biyu ne, miligiram 120. Saboda haka allura huɗu ne suka yi yawa, kuma ta samu ninki uku na abin da aka rubuta mata. Mutum biyu su yi wannan lissafi, kowa shi kaɗai, ɗaya daga cikinsu mai harhaɗa magani. Idan wasiƙa ta ce allura uku, bincike ya zo ya nuna huɗu, iyali za su ɗauka da gangan aka rage, kuma daga nan ba za su sake yarda da komai ba.

Kada a gyara komai a fayil. Ba a goge layin da aka kwafa ba daidai ba, ba a sake rubuta shafi, ba a cusa bayani a tsakanin layuka. Sabon bayani yana shiga ne a ƙasa, da kwanan watansa da lokacinsa da sa hannu. Sashe na 29 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya mayar da yin maguɗi a bayanan majinyaci laifi, kuma shafin da aka taɓa ya fi kuskuren kansa wahalar karewa.

Sai a raba abin da aka sani gida biyu a wata takarda ta daban: wanda aka tabbatar, da wanda ake zato. An tabbatar da yawan alluran da lokutansu. Ana zaton cunkoson marasa lafiya ne ya sa ba a sake duba kwafin ba. Na farko yana shiga wasiƙa. Na biyu yana jiran bincike.

Wa za a rubuta wa, wa zai sa hannu

A nan ake yawan tuntuɓe. Idan majinyacin babba ne mai hankalinsa, shi ake rubuta wa, kuma ba a sanar da danginsa sai da izininsa, ko da su ke biyan kuɗin asibiti. Sashe na 26 na dokar ya kare sirrinsa. Idan yaro ne, iyayensa ko wanda ke riƙonsa. Idan majinyacin ya rasu ko ba ya cikin hayyacinsa, sai magajin da aka rubuta a fayil.

A asibitocinmu uwa ce ke kwana a gefen gado, uba kuma shi ake kira idan magana ta yi nauyi. Wasiƙar ta ambaci su biyun. Uwar ce ta ga lokacin da aka yi kowace allura, wataƙila ma ta tambaya dalilin yawansu aka ce mata haka likita ya rubuta, kuma ita ce za ta lura da fitsarin yarinyar da jinta a gida. Kawu ko kaka da suka zo zaman bayani ba a aika musu kwafi. Iyayen ne za su nuna wa wanda suka ga dama.

Mai sa hannu shi ne babban likitan da yarinyar ke ƙarƙashinsa, ko shugaban asibitin idan lamarin ya kai ga rasa rai ko nakasa. Ba a sa nas ɗin da ta kwafi umarnin ta rubuta ko ta sa hannu. Yin haka yana nuna kamar laifin mutum ɗaya ne, alhali allura huɗu sun wuce ta hannun ma'aikata da dama a canjin aiki daban-daban ba tare da wani ya tsaya ya koma fayil ba.

Jikin wasiƙar

Tsarinta ba shi da yawa: abin da ya faru, ban haƙuri, abin da hakan ke nufi ga lafiyar yarinya, abin da aka yi da wanda za a yi, binciken asibiti, da wanda za a tuntuɓa. Shafi ɗaya da rabi ya isa. Ga yadda za ta kasance a misalinmu, a kan takarda mai tambarin asibiti, da kwanan wata da lambar katin yarinyar a sama:

“Zuwa ga mahaifi da mahaifiyar ……

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da yi muku sannu da jinya, na rubuto ne domin in tabbatar muku a rubuce da bayanin da muka yi da ku ranar Laraba a ofishin ɗakin yara.

Mun yi kuskure wajen ba 'yarku ɗaya daga cikin magungunanta. An rubuta mata allurar jentamaisin, miligiram 60, sau ɗaya a rana. Wajen kwafe umarnin zuwa takardar ba da magani muka rubuta duk bayan awa takwas. Saboda haka daga yammacin Litinin zuwa safiyar Laraba mun yi mata allura shida maimakon biyu. Mun gano haka ranar Laraba da rana, muka dakatar da maganin nan take.

Wannan bai kamata ya faru ba. Kuskuren namu ne, babu laifinku a ciki ko kaɗan. A madadin asibitin nan da ni kaina, muna ba ku haƙuri.

Idan wannan magani ya yi yawa a jiki, yana iya taɓa ƙoda da kuma ji. Gwajin ƙodar da muka yi mata ranar Laraba da ranar Alhamis ya fito daidai, kuma tana fitsari yadda ya kamata. Sai dai illar kan ɗauki kwanaki kafin ta bayyana, don haka ba za mu ce muku ta kuɓuta ba tukuna. Idan ƙoda ta taɓu ta wannan hanya, yawanci tana warkewa. Idan ji ne ya taɓu, yana iya zama na dindindin.

Ga abin da za mu yi. Za mu ci gaba da gwajin ƙoda har a sallame ta, mu maimaita mako ɗaya bayan sallama. Za a yi mata gwajin ji kafin ta bar asibiti, a sake bayan wata uku. Mun canza mata maganin ciwon huhu zuwa wanda ba ya cikin wannan rukuni. Asibiti ne zai ɗauki nauyin waɗannan gwaje-gwaje.

Idan kun koma gida, ku dawo da ita nan take, dare ko rana, idan fitsarinta ya ragu sosai, ko fuska da ƙafafu suka kumbura, ko ta ƙi nono tana amai, ko kuka ga ta daina waiwayowa idan an kira ta. Kada a ba ta maganin zazzaɓi ko na ciwo daga kemis ba tare da an tambaye mu ba. Ku nuna wannan wasiƙa ga duk ma'aikacin lafiyar da zai duba ta.

Mun fara binciken yadda aka yi kuskuren ya kwana biyu ba a gani ba. Za mu gayyace ku ranar …… mu faɗa muku abin da muka gano da gyaran da muka yi, kuma za ku samu sakamakon a rubuce. Idan akwai abin da kuka lura da shi a waɗannan kwanaki, muna so mu ji.

Wadda za ku tuntuɓa ita ce ……, shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin yara, a lamba ……. Kuna da damar neman rahoton jinyar 'yarku, da jin ra'ayin wani likita, da shigar da koke a ofishin karɓar ƙorafi na asibiti. Yin haka ba zai shafi kulawar da take samu ba.

Allah Ya ba ta lafiya.”

Sakin layi na biyu da na uku su ne wasiƙar

Ku lura da cewa kuskuren ya fito a jimlar farko bayan gaisuwa. Masu rubutu da yawa sukan fara da tarihin ciwon, da irin ƙoƙarin da ma'aikata suka yi a daren da aka kawo yarinyar, sai a can ƙasa su saka maganar alluran. Mai karatu yana gane wannan dabarar, kuma tana ɓata masa rai tun kafin ya iso ga ban haƙurin.

Ku lura kuma da “mun yi” da “muka rubuta”. Hausa tana da hanyar ɓoye mai aiki cikin sauƙi: “an samu matsala”, “an ba ta fiye da ƙima”, “abin ya faru”. Wasiƙar da ta cika da “an” da “aka” tana karantuwa kamar alluran sun yi kansu. A ce “mun”, asibiti ya ɗauki nauyin a matsayinsa na hukuma. Wannan kuma shi ke ba da damar a ƙi ambatar sunan ma'aikaci ba tare da an yi ƙarya ba. Idan iyali suka nace sai sun san waye, a gaya musu cewa ana bincike, kuma idan an samu sakaci akwai hukumomin da ke ladabtar da likitoci, ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magani, kuma za su iya kai kuka can.

Ban haƙurin jimla ɗaya ce mai tsabta, babu sharaɗi a gabanta ko bayanta. “Muna ba ku haƙuri idan ranku ya ɓaci” ba ban haƙuri ba ne, domin ya mayar da matsalar ta zama ta zuciyarsu. “Muna ba ku haƙuri, amma ku sani ma'aikatanmu sun yi ƙaranci” ya karɓe da hagu abin da ya bayar da dama. Ƙarancin ma'aikata, idan bincike ya tabbatar yana cikin dalilai, wurinsa wasiƙa ta biyu, tare da abin da za a yi a kai.

Akwai abu biyu da muke ganin bai dace su fito daga asibiti ba, duk da cewa sun saba da bakinmu. Na farko maganar ƙaddara. Iyali za su iya cewa haka Allah Ya rubuta, kuma wannan imaninsu ne da ke sanyaya musu zuciya. Amma idan wanda ya yi kuskuren ne ya riga su faɗa, ya zama yana fakewa da addini don a rufe magana. Addu'ar samun lafiya a ƙarshe ta wadatar. Idan iyalin Kirista ne, a daidaita gaisuwar ta dace da su. Na biyu shi ne neman su ce sun yafe, musamman a rubuce. Uba mai kunya, a gaban babban likita, 'yarsa na kwance a hannun asibitin, zai ce ya yafe ko bai fahimci komai ba. Idan za a sa su sa hannu, a kan shaidar karɓar wasiƙa kawai, kuma a rubuta haka ƙarara a layin.

Faɗin abin da ba a tabbatar ba tukuna

Sakin layin da ya shafi lafiyar yarinya shi ya fi wahalar rubutawa, domin mai rubutu yana son ya kwantar da hankali. Jentamaisin yana taruwa a cikin ƙoda da can cikin kunne, kuma yana daɗewa a wuraren bayan ya bar jini. Shi ya sa kiriyatinin, wato gwajin jinin da ke nuna aikin ƙoda, zai iya fitowa lafiya yau ya tashi bayan kwanaki, kuma raunin ji yakan bayyana ko bayan an daina maganin. Yana kuma farawa ne da sautuka masu siriri, waɗanda uwa ba za ta gane an rasa ba ta hanyar tafi ko kiran suna, balle a jaririyar da ba ta fara magana ba. Duk wanda ya rubuta “babu wata illa” a rana ta biyu ya yi alkawarin da ba shi da ikon cikawa. A faɗi sakamakon da ke hannu, a faɗi ranar da aka yi gwajin, a faɗi abin da ake jira.

Haka nan kada a zuba musu duk illolin da ke cikin littafi. Biyu ne suka shafi wannan lamari, su za a ambata, da alamominsu da za a iya gani a gida. Gargaɗin kemis yana da dalili: aibufurofen da dangoginsa suna ƙara wa ƙoda nauyi, kuma su ne ake yawan miƙa wa uwa idan ta ce yaro na zazzaɓi. Don amfanin ma'aikacin lafiyar da zai karanta nan gaba, a rubuta sunan maganin sau ɗaya kamar yadda yake a jikin kwalba, `gentamicin`, a katin sallama da kuma ƙasan wasiƙar.

Kowane mataki ya zo da rana, wuri da wanda zai biya. “Za mu ci gaba da sa ido” ba mataki ba ne. Kafin a rubuta gwajin ji, a tabbatar asibitin yana da na'urar gwada jin jarirai. Idan babu, a kira sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a karɓi rana, a haɗa takardar turawa da wasiƙar. Maganar ɗaukar nauyin kuɗi kuma sai shugaban asibiti ya amince a rubuce kuma an sanar da masu karɓar kuɗi. Ba abin da ke rusa wasiƙa irin uba ya zo da ita a hannu mai karɓar kuɗi ya ce shi bai san zancen ba. Batun diyya ba ya shiga wannan wasiƙa, ko alkawari ko musu. Yana da nasa zaman.

Dubawa da miƙawa

Mutum uku su karanta kafin a sa hannu. Mai harhaɗa magani ya duba adadi da lokuta. Lauyan asibiti ko jami'in mulki ya duba cewa ba a faɗi zato a matsayin tabbas ba kuma ba a ɗora wa wani mutum laifi ba, kuma idan asibitin yana da inshorar kariya a sanar da kamfanin. Aikinsu ke nan. Idan suka nemi a cire “mun yi kuskure” ko ban haƙurin, abin da zai rage bai cancanci aikawa ba. Na uku wani ma'aikaci da ba na jinya ba, ya karanta ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta. Inda ya yi tuntuɓe, nan iyali za su yi.

A rubuta ta da harshen da aka yi zaman bayani da shi. Idan ana buƙatar kwafin Turanci don fayil, a tabbatar su biyun abu ɗaya suke faɗa, kada na Hausa ya yi laushi na Turanci ya ƙunshi abin da ba a gaya musu ba. Idan iyayen ba sa karatun boko, a karanta musu a ɗaki a keɓe, a hankali, a tambaye su wanda suka amince ya sake karanta musu a gida, kuma idan ajami suke karantawa a nemi wanda zai rubuta musu alamomin haɗari da ranakun dawowa da shi. A miƙa ta hannu da hannu cikin ambulan. Ba a ba ɗan saƙo, ba a tura hotonta ta waya, ba a karanta ta a gefen gado inda masu jinyar maƙwabtan gadaje ke saurare.

Kwafi ɗaya ya shiga fayil, tare da bayanin wanda ya miƙa, wanda ya karɓa, da lokaci. Rahoton kuskuren na cikin gida daban yake, yana tafiya ga kwamitin asibiti, kuma idan illa ta bayyana a cike fom ɗin rahoton illar magani na hukumar NAFDAC. Ranar da aka sa don zama na biyu da iyayen a rubuta ta a kundin ɗakin da sunan wanda zai kira iyayen. Idan ranar ta zo bincike bai ƙare ba, a kira su duk da haka, a faɗa musu inda aka kai, a ba su sabuwar rana a rubuce.